Kafin ka sayi kamfani, wace takarda ce za ka fara buɗewa?

Duk wanda ya sayi hannayen jarin kamfani, ya sayi kamfanin ne da duk abin da ke bayansa. A idon doka kamfani mutum ne mai zaman kansa, dabam da masu shi, kamar yadda kotun ƙoli ta Birtaniya ta wancan zamani, wato House of Lords, ta tabbatar a shari'ar Salomon da aka wallafa a 1897, kuma ƙasashe da dama suka bi wannan ƙa'ida. Saboda haka in mai shi ya canza, bashin kamfani ba ya gudu, alkawuransa ba sa warwarewa, ƙarar da aka shigar a kansa tana nan daram. Shi ya sa lauyan mai saye yake neman takardu kafin a sa hannu. Za a jibge maka su tuli, lokaci kuma gajere ne, dole ka zaɓi inda za ka zuba ƙarfinka.

Takardar shaidar rajista ita ce masu sayarwa suka fi son miƙowa, domin tana da kyan gani, ga hatimi. Abin da take faɗa kaɗan ne: an yi wa kamfani mai suna kaza rajista ranar kaza da lamba kaza. Ka kwafi lambar, ka wuce. Rahoton shekara da ake kai wa hukumar rajistar kamfanoni shi ma hoton rana guda ne, kuma kamfanin ne ya cika shi da hannunsa. Jerin daraktoci yana da amfani, amma sai ka zo auna wasu takardun da shi.

Ni dai in aka ce in ɗauki guda ɗaya tak, rajistar masu hannun jari zan ɗauka, tare da takardun da ke tsaya mata. A ƙasashe da yawa, wanda sunansa yake cikin wannan littafi shi ne doka ta sani a matsayin mai hannun jari. Satifiket ɗin hannun jari da mutum yake riƙe da shi shaida ce kawai, ana iya ƙaryata ta. Tambayar farko a kowane ciniki ita ce: mai sayarwa ya mallaki abin da yake sayarwa kuwa? Ba wata takarda da take amsa wannan kamar rajistar nan. Sai dai ba shafin ƙarshe ake dubawa ba. Daga ranar kafa kamfani ake farawa, a bi kowane hannun jari sawu-sawu har zuwa yau. Duk inda ya canza hannu, a nemi takardar miƙawa mai sa hannun wanda ya sayar, da shaidar biyan kuɗi, da amincewar daraktoci in dokokin kamfanin sun bukaci haka, da shaidar biyan harajin hatimi a inda ake biyansa. Duk inda aka ƙirƙiro sababbi, a nemi ƙudurin da ya ba da izini, da shaidar cewa an sanar da hukuma.

Bari in kawo abin da ya same ni, domin daga nan na koyi wannan. Wani ƙaramin kamfanin sufuri ne muka shiga cinikinsa. Mai sayarwa ya ce yana da hannayen jari 12,000 cikin 15,000, wato kashi 80 cikin ɗari. Abin da muke so ke nan, domin a dokar da kamfanin yake ƙarƙashinta, kamar a ƙasashe da dama, sai da kashi 75 na ƙuri'u ake zartar da manyan ƙudurori irin su sauya dokokin kamfani. Satifiket ya nuna 12,000, rahoton shekara ma haka. Na gamsu, muka biya kafin alkalami. Sai daga baya lauyanmu ta ce a kawo mata littafin rajistar kansa, ba kwafi ba.

Ashe mutum uku ne suka kafa kamfanin da hannayen jari 10,000: mai sayarwa 5,000, na biyu 3,000, na uku 2,000. Bayan wasu shekaru na ukun ya bar harkar, aka ja layi a kan sunansa, aka ƙara 2,000 ɗinsa a shafin mai sayarwa. Muka nemi takardar miƙawa, aka kawo ta, gurbin sa hannun mai miƙawa fayau. Mutumin kuma ya rasu, magadansa ba su ma san da maganar ba. Daga baya kuma an ƙirƙiro sababbin hannayen jari 5,000, mai sayarwa ya kwashe su duka. Dokokin kamfanin kuwa sun ce duk sabon hannun jari sai an fara tayin sa ga dukkan masu hannun jari, kowa gwargwadon rabonsa. Ba wasiƙar tayi, ba takardar da wani ya ce ya yafe haƙƙinsa.

Yanzu ka yi lissafin da kanka. In magada suka karɓe 2,000 ɗinsu, mai sayarwa ya koma 10,000 cikin 15,000, kashi 66 da 'yan kai, ya faɗo ƙasa da 75. In kotu ta soke sababbin 5,000 ɗin kawai, ya koma 7,000 cikin 10,000, kashi 70, nan ma bai kai ba. In duka biyun suka rushe, 5,000 cikin 10,000 ne, rabi cif, ko rinjaye babu. Kuɗin kashi 80 muka yi niyyar biya. Mun janye, amma kafin alkalamin nan sai da muka yi wata da watanni muna bin sawunsa, kuma bai dawo duka ba.

Wannan ya nuna cewa rajistar ba ta tafiya ita kaɗai, abokin tafiyarta shi ne kundin dokokin kamfani. A cikinsa za ka ga ko sauran masu hannun jari suna da haƙƙin a fara yi musu tayi kafin a sayar wa baƙo, ko daraktoci suna da ikon ƙin rubuta sunanka, ko akwai wani rukunin hannun jari mai ƙuri'a fiye da saura. Ka tabbata wanda aka ba ka shi ne na yanzu, da duk gyare-gyarensa. Sannan ka tambaya a rubuce ko akwai yarjejeniya tsakanin masu hannun jari. Ita galibi ba a kai ta hukuma, ba za ka gan ta a bincike ba sai an nuna maka. Haka nan alkawarin da aka yi wa wani manaja na ba shi hannun jari, ko bashin da mai shi zai iya mayarwa hannun jari. Irin waɗannan ba sa cikin rajista yau, amma gobe su ne za su rage maka rabo.

Wanda nake bai wa matsayi na biyu shi ne rajistar jingina. Banki yana iya riƙe da dukkan kadarorin kamfani a matsayin jingina, yayin da motoci suke ta zirga-zirga kamar ba komai. Ka duba littafin kamfanin, ka duba na hukuma, ka kuma karanta takardar bashin kanta, domin sau da yawa akwai sharaɗin cewa da zarar kamfani ya canza hannu, banki yana da ikon neman kuɗinsa gaba ɗaya. In aka ce maka an biya bashin tuni, ka nemi takardar sakin jingina daga bankin. Kuma rashin ganin jingina a hukuma ba ya nufin babu bashi. A Birtaniya, misali, kwana 21 ake bayarwa a yi rajistarta. In ba a yi ba, jinginar tana faɗuwa a gaban wanda aka naɗa ya rushe kamfani ya raba kadarorinsa, da sauran masu bin bashi, amma bashin kansa yana nan a wuyan kamfanin.

To, yanzu maganar jabu, wadda ita ce ta fi ci mini tuwo a ƙwarya. Takardar da aka fi ƙirƙira ita ce rahoton zaman daraktoci da na masu hannun jari. Ƙananan kamfanoni da yawa ba sa rubuta komai, sai mai saye ya bayyana a zauna a rubuta na shekara goma cikin mako guda, a sa tsofaffin ranaku. Wani da gangan yake yi don ya rufe ɓarna, wani kuma gani yake gyara ne. Ko ma wanne ne, ƙudurin da ba a taɓa zartarwa ba ba zai tsaya maka a kotu ba.

Ana gane su. A wancan cinikin, lauyar ta shimfiɗa rahotannin a kan tebur, ta ɗauki guda ta ɗaga shi wajen haske. Takardar ta shekara takwas baya fara ce fat, ba lanƙwasa, ba tsatsar fil, kuma shuɗin biron da aka sa mata hannu iri ɗaya ne da na bara. Daga nan ta ɗauko jerin daraktoci: wani da aka rubuta ya halarci zama, sai bayan shekara biyu aka naɗa shi. Adireshin da ke saman takardar ma na ofishin da ba su koma ba ne a lokacin. Ka duba lambobin satifiket, ko sun bi juna, ko akwai biyu masu lamba ɗaya, ko an soke tsohon kafin a ba da sabo. In fayil aka turo maka ta kwamfuta, ka duba ranar da aka ƙirƙire shi. Wannan kaɗai ba hujja ba ce, tunda ana iya ɗaukar hoton tsohuwar takarda jiya, amma dalili ne na neman ta asali.

Kada ka karɓi sakamakon binciken hukuma daga hannun mai sayarwa. Lauyanka ya nema da kansa, kuma ya sake nema ranar da za a biya kuɗi, domin ana iya shigar da sabuwar jingina a tsakani. Ko abin da ke hukuma ma kada ka ɗauke shi yankan wuƙa, tunda hukumomi da yawa suna ajiye abin da aka kawo musu ne ba tare da sun tantance kowane sa hannu ba. Ka yi hattara da mai cewa littafin rajista ya ɓace, ko yana wajen tsohon sakataren kamfani da aka ɓata da shi. Yana iya zama gaskiya. In haka ne, ka nemi ganawa da kowane mai hannun jari, na da da na yanzu, kowa ya tabbatar da rabonsa a rubuce. Wanda ya hana ka magana da abokan tarayyarsa wai don sirrin ciniki, a ƙarshen ciniki ba shi da wannan uzurin.

Samun giɓi ba lalle ya kashe ciniki ba. Ana sa gyaran ya zama sharaɗi kafin biya: magada su sa hannu a takardar miƙawa ta hannun wanda doka ta ba ikon kula da gadon, sauran masu hannun jari su rubuta cewa sun yafe haƙƙin tayi, a zartar da sabon ƙuduri mai ranar yau da zai amince da abin da ya gabata, a inda doka ta yarda. Mai sayarwa kuma ya ba da tabbaci a cikin yarjejeniya cewa zai biya duk asarar da ta taso daga wannan giɓi. Sai dai tabbacin mutumin da ya karɓi kuɗinsa ya kashe ba ya da nauyi, don haka a riƙe wani kaso na kuɗin a hannun amintaccen ɓangare na uku, shekara ɗaya ko biyu, kuma a rubuta ƙarara abin da zai sa a sake shi da abin da zai sa a mayar maka.