Kafin ka sayi makirufon kondensa a Alaba

Da yawa daga masu haɗa ɗan situdiyo a ɗaki, a Agege ko Idi-Araba, kan sayo makirufon kondensa daga kasuwar Alaba ta Legas, su jona, su ji shiru, su ce jabu aka ba su. Galibi lafiyarsa lau, wuta ce bai samu ba.

A cikin kondensa akwai wani siririn faifai da murya ke kaɗawa a gaban farantin ƙarfe. Sai da caji tsakaninsu kaɗawar ke zama sauti, sautin kuma ba shi da ƙarfi, sai wata ƙaramar amfilifaya da ke cikin makirufon ta ɗaga shi. Wutar da ke wannan aikin ita ce fantom, mai bolt 48. Makirufon dainamik kuwa ba ya buƙatarta, maganaɗisu da naɗin wayar cikinsa sun ishe shi.

To ta ina wutar ke bi, tunda waya ɗaya ce? Kan wayar makirufo, wato XLR, fil uku ne. Na'urar da aka jona makirufon a jikinta tana tura bolt 48 daidai wa daida a fil na 2 da na 3, kowanne ta cikin rizista mai om 6,800, wutar ta dawo ta fil na 1. Shi sauti bambancin da ke tsakanin 2 da 3 ne, kuma tunda wutarsu ɗaya, ba ta shiga cikinsa. Shi ya sa dainamik ba ya ma sanin an kunna ta, muddin wayar lafiyayya ce.

A ganina, mai ɗaukar murya da kwamfuta ya sayi intafes, wato na'urar da ke haɗa makirufo da kwamfuta, mai maɓallin +48V. Daga bolt 5 na USB take ɗaga wutar, don haka ko NEPA ta ɗauke, batirin laftof zai riƙe ka. Miksa ta fi dacewa da masallaci ko taron biki, amma a ƙananan da yawa maɓalli ɗaya ke kunna wa dukkan layuka, abin da tsohon makirufon ribon ba ya so. Akwatin fantom mai zaman kansa na wanda ya riga ya mallaki na'urar da ba ta bayarwa ne. Idan kuwa janareton maƙwabci a bakin tagarka yake, dainamik zai fi maka, don kondensa har rurin janareton zai kwaso.

Kafin ka biya, ka ce wa mai shago ya kawo mitar auna wuta. A kunna +48V ba tare da makirufo ba: tsakanin fil 1 da 2 ka ga kusan 48, haka 1 da 3, tsakanin 2 da 3 kuma sifili. Idan gefe ɗaya ya mutu, a canza waya a sake aunawa. Wayar kuma ta zama XLR a kai biyun, domin ramin jak ba ya ba da fantom. A gida, ka jona makirufo tukuna sannan ka kunna, ka kuma kashe kafin ka zare.