Zobe ko Johnson, sannan wace shif rijista?

Tambaya: "Salam 'yan'uwa. Ina son haɗa fitilun LED takwas masu kamawa bi da bi. Wani ya ce in yi kauntar zobe, wani ya ce murɗaɗɗen zobe ya fi. Kuma ina so nan gaba in riƙa sarrafa su da Arduino, amma ƙafafunsa sun kusa ƙare min. Wanne zan bi, kuma wane cif zan saya?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ɗauki murɗaɗɗen, wanda ake kira kauntar Johnson, kuma kada ka wahalar da kanka da haɗa shi daga fulif-fulof ɗai-ɗai. Ka sayi CD4017. Ranar da za ka shigo da Arduino kuma sai ka koma kan 74HC595. Ga dalilina.

Duka biyun shif rijista ce, wato jerin fulif-fulof masu miƙa wa juna bit a kowane bugu, da aka mayar da ƙarshenta ya shiga farkonta, waya ɗaya ce ta raba su. A zobe, Q, wato fitar fulif-fulof ɗin ƙarshe, ake kai wa D, wato shigar na farko. A Johnson kuwa kishiyar Q ake kaiwa, wato in na ƙarshe yana kan 0, sai 1 ya shiga ta farko. Dubi abin da wayar nan ke haifarwa a fulif-fulof huɗu:

```
zobe:    1000 0100 0010 0001
Johnson: 0000 1000 1100 1110 1111 0111 0011 0001
```

Zobe ya ba ka mataki huɗu, Johnson ya ba ka takwas da kaya iri ɗaya. Kenan fitilunka takwas za su ci fulif-fulof takwas a zobe, huɗu kacal a Johnson. Gaskiya zobe yana da kyawunsa guda: kowace ƙafa fitila ce kai tsaye, ba ka buƙatar komai a tsakani. Daga nan yabon da zan masa ya ƙare.

Matsalarsa tana bayyana ne tun daga kunna wuta. Zobe ba ya ƙirƙirar 1, abin da ya tarar a ciki shi yake zagayawa da shi. In ya tashi a 0000, zai yi ta juya sifili har ka gaji, fitila ko ɗaya ba za ta kama ba, kai kuma ka yi ta zargin batir. In ya tashi da 1 guda biyu, ko hayaniyar wuta ta cusa masa wani, fitilu biyu za su yi ta bin juna kuma ba zai gyara kansa ba. Dole ka tanadi hanyar sa 1 a na farko, ka share sauran, duk lokacin da aka kunna. Akwai dabarar da ke magance wannan: ka tara dukkan ƙafafun ban da ta ƙarshe cikin get ɗin NOR, ka kai fitarsa zuwa D na farko. Ta haka 1 ba ya shiga sai ragowar sun zama sifili, don haka duk ɓarnar da ta faru tana wankewa cikin zagaye ɗaya. Tana aiki, amma ka ga sauƙin da ake yabon zobe da shi ya tafi.

Johnson ya fi sauƙin tashi, domin 0000 yana cikin jerinsa. Ka share komai kawai, ya kama hanya. Wani abin da nake so game da shi, ka sake duba jerin: daga kowane mataki zuwa na gaba bit ɗaya ne ke canzawa. Shi ya sa gano mataki ba ya buƙatar duba ƙafafu huɗu. Mu kira su A, B, C, D daga hagu. Ina ne B yake 1 kuma C yake 0? A 1100 kaɗai. Ina ne A da D duka suke 1? A 1111 kaɗai. Haka kowane mataki yake, get ɗin AND mai shiga biyu ya ishe shi, kuma tunda ƙafa ɗaya ce ke motsi a lokaci guda, ba ka samun ɗan ƙyaftawar ƙarya da ke fitowa idan ana fassara kauntar bainari, inda bit uku ko huɗu kan juya tare.

Kada dai ka ɗauka shi ma ba shi da aibi. Fulif-fulof huɗu suna iya zama cikin yanayi 16, Johnson yana amfani da takwas, sauran takwas ɗin kuma suna da nasu zagayen:

```
0100 1010 1101 0110 1011 0101 0010 1001
```

In ya faɗa nan, ba ya fitowa da kansa. Alamarsa ita ce fitilu da yawa su riƙa kamawa lokaci guda a warwatse, alhali bugun agogo lafiya lau yake. Dalilin da ya sa na ce ka sayi cif kenan. CD4017 Johnson ne mai fulif-fulof biyar, an riga an saka masa get ɗin fassara matakai goma a ciki, da kuma wanda ke dawo da shi hanya idan ya ɓata. Abin dariyar, daga waje ƙafafunsa goma suna kamawa ɗaya bayan ɗaya tamkar zobe. Wato ka samu abin da kake nema daga zoben, ba tare da ciwon kansa ba.

Ina da wani allo da na haɗa da shi tun ina koyo, cif ɗin 555 yana ba shi bugu, shi kuma yana zagaya fitilu. Ya sha faɗuwa, yara sun sha cire masa batir suna mayarwa, har juya shi aka yi cikin akwatin kayan aiki na tsawon lokaci. Duk ranar da na ɗauko na sa masa wuta, sai ya ci gaba da zagayensa kamar ba abin da ya faru. Zoben da na taɓa haɗawa da 74HC74 kuwa, na dai koyi darasi da shi, sannan na warware shi.

Haɗin naka ba wuya. Bugun agogo a ƙafa ta 14, ƙafa ta 13 ka kai ta ƙasa, in ba haka ba ba zai ƙirga ba. Tunda takwas kake so ba goma ba, ɗauki Q8, wato ƙafa ta 9, ka kai ta ƙafa ta 15 mai sake farawa. Da zarar ya taka mataki na tara sai ya koma Q0 nan take. Ka lura ƙafafun fitarwar ba a jere suke ba: Q0 tana ƙafa ta 3, Q1 a ta 2, Q2 a ta 4, Q3 a ta 7. Ka buɗe takardar bayanin cif ɗin kana haɗawa. In kuma da maɓallin hannu kake ba shi bugu ka ga yana tsallake fitilu biyu ko uku, ba cif ɗin ba ne, maɓallin ne ke rawa a duk dannawa.

Yanzu batun Arduino. A nan ba ka buƙatar mayar da ƙarshe farko, domin kai ne za ka riƙa tura bit ɗin da hannunka. Kana aika su ɗaya bayan ɗaya ta waya guda, rijistar ta jera su, su fito a ƙafafu takwas lokaci ɗaya. Cif biyu za a nuna maka, 74HC164 da 74HC595. Na sayi 164 da yawa a baya, har yanzu ragowar suna nan. Ba ya da ma'ajiya ta biyu, saboda haka duk bit ɗin da ka tura sai ya ratsa ta kan kowace ƙafa ana ganinsa. A fitila za ka ga ɗan haske-haske a waɗanda ya kamata su mutu. In rile ne ko ɗan inji mai juyawa a ƙafar, abin ya wuce na ido.

595 yana da hawa biyu. Bit suna shiga ta SER, ƙafa ta 14, kowane bugun SRCLK a ƙafa ta 11 yana matsar da su gaba, amma ƙafafun waje ba su san ana yi ba. Sai ka buga RCLK a ƙafa ta 12 sannan takwas ɗin su fito tare. Mu ce kana son tura 10110010:

```
digitalWrite(latchPin, LOW);
shiftOut(dataPin, clockPin, MSBFIRST, 0b10110010);
digitalWrite(latchPin, HIGH);
```

Bit ɗin hagu shi ya fara shiga. A bugu na farko yana QA, a na biyu ya matsa QB, na bayansa ya maye gurbinsa, haka har bugu na takwas ya kai shi QH. Don haka bayan layi na uku QH, QF, QE da QB za su kama, sauran huɗun su mutu. Wanda ya fara shiga shi ya fi nisa; in ka ga tsarin fitilunka ya fito a juye, canza MSBFIRST zuwa LSBFIRST kawai, kada ka taɓa waya. Jerin zobe yanzu ya zama tura 1, 2, 4, 8 har 128, na Johnson kuma 1, 3, 7, 15 da sauransu. Ƙafafun Arduino uku ne suka tafi, kuma in kana son fitilu 16, ka kai ƙafa ta 9 ta cif na farko zuwa ta 14 ta na biyu, su raba SRCLK da RCLK, ka tura bayit biyu kafin ka buga RCLK.

Abubuwan da ke kayar da mutane a kansa kaɗan ne. Ƙafa ta 13 dole ta je ƙasa, ta 10 kuma ta je wuta. In ka bar su a sake, zai yi aiki yau ya ƙi gobe, har kusanto da yatsa yana canza shi. In ka haɗe SRCLK da RCLK wuri ɗaya don tsimin waya, abin da ke fitowa zai riƙa zama baya da bugu ɗaya. Sannan cif ɗin gaba ɗaya iyakarsa miliamfiya 70 ce. A bolt 5, jar fitila da razista mai om 220 tana jan wajen 13, takwas sun haura 100, kenan ka wuce iyaka. Sa mai om 470, kowace ta ja wajen 6, jimilla kusan 50. Kafasita 100nF kuma a kusa da ƙafafun wutar kowane cif.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara wurin saye. Akwai masu miƙo maka abin da ya yi kama, su ce duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. 74HC165 aikinsa kishiyar na 595 ne, takwas yake karɓa ya fitar ta waya ɗaya. 74HC4017 yana ƙirga kamar CD4017, amma bolt 6 ne iyakar aikinsa, in ka ba shi 9 ko 12 da CD ke ɗauka, ya mutu. In an ce maka 595 ne, ƙirga ƙafafu: 16 gare shi, 164 kuwa 14. Wasu ma tsofaffin cif suke cirowa daga allo su goge su sake rubutu. Dubi ƙafafun ko akwai ragowar dalma, ka kuma goga saman da ɗan asiton. In baƙin fenti ya biyo auduga, mayar masa da kayansa. Ka sayi biyu-biyu na kowanne, ka kuma sa soket a allon maimakon liƙa cif ɗin kai tsaye, don in ɗaya ya ba ka shakka ka musanya ka gwada.