Firiza a kan sola: wacce za ka saya, kuma me za ta ci?

Mai sayar da zoɓo, kunun aya ko ƙanƙara a ƙauyukan Ringim, Gumel ko Bichi, idan ya shiga kasuwar Sabon Gari neman firiza da kayan sola, abu uku za a shimfiɗa masa. Akwai firiza irin wadda kowa ya sani, da ake haɗa ta da inbata da batir. Akwai mai kwamfiresa inbata, wadda kwamfiresarta, wato injin da ke sanyaya ta, ke tashi a hankali tana rage gudu idan ciki ya yi sanyi. Sai kuma ta DC, wadda ke jan wuta kai tsaye daga batir mai bolt 12 ko 24, babu ruwanta da inbata. Kafin ka yi ciniki, ka fara da 'yar takardar da ke manne a bayan firizar, domin lissafin duka daga can yake tashi.

A ce firizar mai lita 200 ce, an rubuta wat 120. Wannan adadin na lokacin da take tafiya ne. A daidai sa'ad da kwamfiresa za ta tashi, takan fizgi ninki biyar zuwa bakwai na wannan, wato wajen wat 700, na abin da bai kai daƙiƙa ba. Inbata mai wat 500 da wuya ta ɗauka, ko da mai shago ya rantse maka. Alamar a fili take: za ka ji kwamfiresar ta yi gunji, ta yi ƙas, ta yi shiru, bayan 'yan mintuna ta sake, inbata kuma tana ƙara. Ga irin wannan firiza, nemi inbata mai wat 1,000 zuwa 1,500 wadda aka rubuta pure sine wave a jikinta. Masu arahar nan suna sa kwamfiresa zafi, su rage mata kwana. Wani lokacin ma inbatar lafiyarta ƙalau, wayar batir ce siririya. Wat 700 a kan bolt 12 ya kusa amfiya 60, don haka wayar ta zama mai kauri kuma gajera. Firiza mai kwamfiresa inbata da ta DC ba su da wannan fizgar, shi ya sa ƙaramin kaya yake riƙe su.

Fizgar nan ita ke faɗa maka girman inbata. Yawan fanel da batir kuwa, tsawon lokacin da kwamfiresa ke aiki ne ke yanke shi. Firiza ba ta kwana tana gudu, takan yi aiki ta huta. Da hunturu tana iya yin sulusin yini kacal, amma a zafin Afrilu da Mayu, musamman a shagon kwano, takan wuce rabi. Mu ɗauki rabi: wat 120 sau awa 12 ya ba da 1,440, wato kusan yunit ɗaya da rabi irin na mita. Wannan kuwa na riƙe sanyin da ke ciki ne kawai, ba a zuba komai sabo ba.

Wurin da masu sana'a suka fi faɗawa ke nan. Daskarar da lita ɗaya ta ruwan da aka ɗebo da ɗuminsa tana cin kusan kashi ɗaya cikin goma na yunit. Jakar fiyawota ɗaya, guda ashirin, lita goma ce, saboda haka yunit guda cif. Haɗa da na riƙe sanyi, an kusa yunit biyu da rabi, kwamfiresar kuma ta yi awa ashirin cikin ashirin da huɗu tana aiki. Ka ga ke nan idan aka danna mata jaka uku kullum, ko da rufin gidan duka fanel ne, da safe ruwa za ka tarar a tsakiya, ƙanƙara a gefe. Ƙarfin injinta ne ya ƙare a nan. Sanyayawa ba tare da daskarewa ba tana cin kusan rubu'in wancan, don haka mai zoɓo da kunun aya tana cikin sauƙi fiye da mai ƙanƙara nesa ba kusa ba.

Ita ma inbata tana cin nata ko firiza na hutawa. Da yawa suna shan wat 20 zuwa 30 a zaune, wato kusan rabin yunit a yini. Jimilla yunit uku. Fanel mai wat 400, a ranar Kano da Jigawa, bayan an cire asarar zafi da ƙura, yakan ba da kusan yunit ɗaya da rabi. Biyu sun yi daidai wa daida, amma hadarin Agusta da hazon hunturu za su kunyata ka, gara uku. A riƙa goge su da sassafe.

Batir na dare ne. Awa goma sha huɗu babu rana, idan riƙe sanyi kawai firizar ke yi, ita da inbata za su sha kusan yunit 1.2. Batir mai ruwa na bolt 12 da amfiya 200 yana ɗauke da yunit 2.4, amma rabi kawai ake taɓawa idan ana so ya daɗe, don haka guda ɗaya yana bakin gaɓa. Alamar gazawarsa ita ce inbata ta fara kuka da asuba. Biyu a haɗe a bolt 24 sun fi kwanciyar hankali. Batir litiyom mai bolt 24 da amfiya 100 yana yin aikin biyun nan, ba a zuba masa ruwa, sai dai kuɗinsa na farko da nauyi.

Akwai dabarar da ke rage wa batir wahala. A cika robobi da ruwan gishiri, giram ɗari a kowace lita, a bar sarari a wuya don kada su fashe, a jera lita goma zuwa sha biyar a ƙasan firiza. Irin wannan ruwa sai sanyi ya kai wajen digiri shida ƙasa da sifili yake daskarewa, kuma a nan yake narkewa, saboda haka da dare shi ke riƙe kayan. Sai dai dabarar tana da iyaka. Idan firiza rana kaɗai take aiki, awa goma sau wat 120 yunit 1.2 ne, wanda ya ishi mai sanyaya abin sha amma bai ishi mai yin ƙanƙara ba. Mai ajiye nama ko kifin Haɗejia kuwa kada ya kashe da dare, domin su sai digiri 18 ƙasa da sifili suke zama lafiya. Ya sayi ƙaramin ma'aunin sanyi ya jefa ciki.

Sabon kaya a zuba shi da hantsi, ya sha ranar da take kyauta, kuma zoɓo ya huce tukuna. A bar taƙi ɗaya tsakanin firiza da bango, kada a lulluɓe gefenta da bargo, domin da yawansu ta jikin gefen suke fitar da zafi. Idan an kashe, a jira minti biyar kafin a kunna. A takardar bayan kuma a duba harafin T, wanda ke nufin an yi ta don zafin da ya kai digiri 43. Mai ST iyakarta 38, mai N kuwa 32.

Ni a ganina, wanda ya riga ya mallaki firiza ya tsaya a kanta, ya zuba kuɗinsa a inbata ta gari da fanel uku. Wanda zai fara daga tushe, kuma abin sha kawai zai sanyaya, ta DC ta fi masa, tunda ta raba shi da fizga da kuma rabin yunit ɗin inbata. Amma ya tambayi mai gyaran firiza na kusa da shi ko yana taɓa irinta, domin idan allon da ke sarrafa kwamfiresar ya ƙone, sau da yawa sai an je Kano. Mai kwamfiresa inbata tana tsakiya, ta dace da wanda ke son haɗa fanka da fitilu a kan layi ɗaya. Mai niyyar jaka uku na ƙanƙara a kullum kuwa, firiza uku irin wannan yake bukata, da ninki uku na fanel da batir.