Launi guda a kan duka, ko gyaran kowane hoto kafin a sa launi?

«Salamu alaikum ƴan uwa. Na yi hutun sallah a gida Damagaram, na ɗauko hotuna da waya: na idi da safe, na ƙofar fada a Birni da rana, na kan duwatsu da yamma, da na ɗaki da dare. Da na jera su sai ka ce ba waya ɗaya ta ɗauka ba, wani ja, wani shuɗi-shuɗi. Wata ta ce in ɗora musu launi guda a manhajar gyaran hoto ta Lightroom in huta, wani ya ce sai na bi su ɗaya bayan ɗaya. Wanne ya fi?»

Wa alaikumus salam ƙanwata. Duka biyun suna aiki, amma kowace da inda take cin nasara, kuma irin hotunanki na hanya ta biyu ne.

Hanya ta farko ita ce ki zaɓi wani shiryayyen launi a cikin Presets, ki ɗora wa kowane hoto. Ba ta cin lokaci, kuma idan duk hotunan a wuri ɗaya aka ɗauke su cikin haske ɗaya, misali a filin idi tsakanin ƙarfe takwas da tara, ta wadatar. Matsalarta ita ce abu ɗaya take ƙara wa kowa ba tare da ta duba abin da ke ƙasa ba. Hasken tsakar rana yana wajen 5500 a ma'aunin Kelvin, na faɗuwar rana yana sauka kusa da 3000, shi ya sa yake ja, inuwa kuma tana haura 7000, shi ya sa take shuɗi. Idan launin da kika zaɓa mai ɗumi ne, hoton inuwa zai yi kyau, na kan duwatsu kuwa zai koma kamar an tsoma shi a manja. Tazarar da ke tsakaninsu tana nan yadda take, wani lokaci ma ƙaruwa take yi.

Hanya ta biyu mataki biyu ce, kuma jerinsu ne sirrin. Da farko a kusanto da hotunan ga juna a haske da fari, kowanne da nasa gyaran. Sai an gama wannan ake ɗora launi guda a kan duka.

Ga yadda zan yi da naki. Ki ware kamar goma sha biyu da za ki fitar, ki zaɓi ɗaya ya zama jagora. Ni na idi zan ɗauka, don hasken safe bai cika ja ba, kuma akwai fuskoki da fararen riguna a ciki. Ki shiga Color, ki ɗauki ɗan tsinken zaɓen fari da ke kusa da Temp, ki ɗora a kan wani abu fari ko ruwan toka. A nan akwai tarko biyu. Farar shadda da ke ƙyalli a rana ta ƙone a hoto, babu launin da manhajar za ta karanta a wurin, don haka ki nemi lanƙwasar rigar inda ɗan inuwa ya faɗa. Na biyu, yawancin fararen kayanmu da bula ake ɗauraye su. Idan kika ce wa manhajar wannan ne fari, za ta cire shuɗin bular ta mayar da hoton gaba ɗaya rawaya. Farar takarda ko bangon siminti marar fenti sun fi aminci.

Daga nan ki bi sauran, kina komawa kan jagoran kina dubawa. Abu uku za ki fi taɓawa: Exposure, wato yawan hasken hoton, da Temp da Tint. Hoton waya na yau da kullum ma'aunin Temp ɗinsa daga -100 zuwa +100 yake, dama ɗumi, hagu sanyi. Na kan duwatsu zai iya neman kamar -10. Kada ki kashe jan yammar ɗungurum, don mai kallo yana so ya gane yamma ce. Ki rage shi dai har farar riga ta daina zama ruwan goro. Na ɗaki, idan farin ƙwan lantarki ne, yakan fito shuɗi mai ratsin kore, to ki gwada Temp wajen +12 da Tint wajen +8, wanda ke ture koren. Na ƙofar fada da tsakar rana ba launi ne ciwonsa ba, tsananin haske ne: ki sauke Highlights zuwa kamar -40 don zanen bango ya dawo, ki ɗaga Shadows zuwa +25 don fuskar da hula ko mayafi ya rufe ta fito. Waɗannan lambobi mafari ne, ido ne alƙali. Abin da nake dubawa shi ne fuskar mutum ɗaya a hotuna daban-daban. Idan fatarsa iri ɗaya ce a na safe da na dare, an zo wurin.

Yanzu sai launin. Ki koma kan jagoran ki buɗe Color Grading, wanda Adobe ta shigo da shi a 2020 a madadin Split Toning. Da'ira uku za mu duba: ta inuwa, ta tsaka-tsaki, da ta wuraren haske. A ta haske ki sa Hue, wato irin launin, wajen 45 da Saturation, wato ƙarfinsa, a 8, zai ba jerin ɗan ɗumi irin na ƙasarmu.

A da'irar inuwa ne nake roƙonki ki yi hattara, kuma nan ne hanya ta farko ta fi cutar da mu. Shiryayyun launuka da yawa suna zuba shuɗi a inuwa su bar lemo a haske. A fata mai haske wannan ba ya taɓa fuska sosai, don fuskar tana ɓangaren haske. Fatarmu kuwa a tsaka-tsaki da inuwa take zama, sai shuɗin ya sauka kai tsaye a kumatu da goshi, mutum ya fito toka-toka kamar wanda hunturu ya busar. Idan kina son shuɗin, Hue wajen 210, amma kada Saturation ya wuce 5, kuma ki buɗe fuska ki duba da kyau kafin ki yarda. Ni sau da yawa barin da'irar nake yi ba na taɓawa.

Haka abin yake a Color Mix. Bangon laka na Birni da Zango, yashin titi da fatar mutane duk a gidan lemo ɗaya suke zaune. Idan kika ƙara wa lemo Saturation don bangon ya yi armashi, fuskar ƙawarki ma ta tafi tare da shi. Ki ƙara masa Luminance, wato hasken launin, kamar +8, ki bar Saturation ɗinsa. In kina neman inda za ki haɗa kan hotunan ba tare da haɗari ba, shuɗin sama ne da koren bishiyoyin bedi: ki rage musu ƙarfi kaɗan a duka.

Idan jagoran ya yi miki, ki danna Copy settings. Ki cire alama daga White Balance da ɓangaren Light gaba ɗaya, ki bar Color Mix da Color Grading. Idan kika manta wannan, Paste settings zai shafe duk wahalar da kika sha a matakin farko. In wayarki da Faransanci take, sunayen za su bambanta amma wuraren suna nan.

Akwai inda hanya ta biyun ma take tsayawa. Hoton ɗaki mai haske iri biyu, ƙwan lantarki a sama da hasken taga a gefe, Temp ɗaya ba zai gyara ɓangarorin biyu ba. Ki daidaita fuska ki haƙura da bango, ko ki mayar da shi baƙi da fari, ko ki cire shi daga jerin. Kuma kada ki yi aiki a kan hoton da aka turo miki ta WhatsApp, don an matse shi, da zarar kin ja launi sama za ta tsattsage layi-layi. Ki ce a turo miki asalin a matsayin Document.

Kafin ki fitar, ki kashe tace hasken dare na wayarki wanda ke sa allo ya yi rawaya, ki jera hotunan ƙanana-ƙanana a shafi ɗaya. Wanda ya fara jan idonki da launinsa, shi za ki sake buɗewa ki taɓa Temp ɗinsa.