Wace Hanya Za A Zaɓa Wajen Tabbatar Da Haɗuwar Layuka Uku A Cikin Alwatika?

Malamin da ke shirya ɗalibai domin gasar lissafi a Kaduna yakan ci karo da irin wannan tambaya: an ja layuka AD, BE da CF daga kusurwoyin alwatika ABC, inda D ke kan gefen BC, E kan CA, F kuma kan AB, ana son hujjar cewa dukkansu sun ratsa ɗigo guda. Zane ba ya wadatarwa, domin kaurin bakin fensir yana iya ɓoye giɓi tsakanin layukan. Saboda haka ya kamata a auna hanyoyin a kan misali ɗaya kafin a zaɓa.

A ɗauki alwatika mai AB = 13, BC = 14, CA = 15, a sa D, E da F su zama wuraren da da'irar cikinta ta taɓa gefunan. Layuka biyu da suka fito daga ɗigo guda suka taɓa da'ira tsawonsu ɗaya ne, kuma da wannan ake samun AE = AF = 7, BD = BF = 6, CD = CE = 8.

Hanyar da na fi amincewa da ita ita ce ƙa'idar Ceva, wadda Giovanni Ceva ɗan Italiya ya wallafa a 1678, ko da yake Yusuf al-Mu'utaman ibn Hud, sarkin Saragosa a Andalus, ya riga shi tun ƙarni na 11. Ƙa'idar ta ce idan layukan sun haɗu a ɗigo guda, to (BD/DC) × (CE/EA) × (AF/FB) = 1. A misalinmu, (6/8) × (8/7) × (7/6) = 1, kuma aiki ya kammala a layi guda. Sai dai a lura cewa juyin ƙa'idar muke amfani da shi, wato daga sakamakon ninkawa zuwa haɗuwa, kuma ya dace ɗalibi ya san dalilinsa. A ce AD da BE sun haɗu a P, a ja CP har ya yanki AB a wani ɗigo G. Ƙa'idar ta ba da AG/GB daidai da AF/FB, kuma tun da ɗigo ɗaya tak ne a cikin AB ke raba shi da wannan kaso, G shi ne F.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne idan wasu ɗigogin suka faɗa wajen gefuna. Muddin ana auna tsawo ba tare da alamar ƙari ko ragi ba, ƙa'idar Menelaus ma 1 take bayarwa, alhali ita magana take a kan ɗigogi uku da suka jeru a layi guda. Hanyar ganewa ita ce ƙidaya: a Ceva ko dai babu ɗigon da ke waje ko kuma biyu ne, a Menelaus kuwa ɗaya ne ko uku. Idan biyu ne a waje, wajibi ne a ƙara nuna cewa biyu daga cikin layukan sun haɗu, domin ukun suna iya tafiya kafaɗa da kafaɗa ba su taɓa gamuwa ba, sakamakon kuma ya fito 1.

Hanya ta biyu ita ce ta x da y. Ana iya ajiye B a (0, 0), C a (14, 0), A a (5, 12), sai D ya zama (6, 0), E ya zama (46/5, 32/5), F kuma (30/13, 72/13). Ba ta buƙatar wata dabara, amma har yanzu da sauran rubuta lissafin layuka uku da warware su, kuma kuskure ɗaya a cikin waɗannan ɓangarori yana rushe komai. Ina ajiye ta ne don tambayar da ta zo da lambobin x da y tun farko.

Ta ukun, hanyar nauyi, tana aiki kamar sikelin 'yan kasuwa: nauyi sau nisa a hannu ɗaya dole ya yi daidai da na ɗaya hannun. A rataya 24 a A, 28 a B, 21 a C. A kan BC, 28 × 6 da 21 × 8 duk 168 ne, don haka D ne wurin daidaito; haka 21 × 8 = 24 × 7 a kan CA, da 24 × 7 = 28 × 6 a kan AB. Cibiyar nauyin ukun tana kan kowane layi, ke nan sun haɗu a can. Fifikon wannan hanya shi ne tana faɗin inda P yake: nauyin da ya taru a D shi ne 49, saboda haka AP/PD = 49/24, abin da Ceva ita kaɗai ba ta bayarwa.

Idan tsawon sassan gefuna aka bayar kuma haɗuwa kawai ake nema, a ɗauki Ceva. Idan an tambayi yadda P ya raba AD, a koma ga nauyi, tare da rubuta daidaiton kowane gefe a fili domin mai duba takarda ya ga hujjar.