Goshina ya hau kan ɗankwalin ƙanwata

Ba zan tsaya bayanin yadda ake ɗora hoto ko yadda ake sauke bidiyo a manhajar musanya fuska da na yi amfani da ita ba, duk wanda ya taɓa ta ya sani. Abin da ya sa na zauna rubutu shi ne ɗankwali, domin shi ya cinye mini kwana uku.

Ɗan gajeren bidiyo nake haɗawa na daƙiƙa 40, inda nake fitowa a matsayin tagwaye. Ƙanwata ce ta tsaya a madadin ta biyun, da yardarta, a kan cewa daga baya zan ɗora fuskata a kan tata. Kamarmu ɗaya a tsayi da faɗin fuska, don haka na ɗauka aikin ba zai wuce na sallama da amsawa ba. Ta yi ɗaurinta irin wanda ta saba, ɗankwali mai ruwan ƙasa da ƙananan zanen furanni, ta karkato shi har ya taɓa wutsiyar girarta ta hagu, gefen dama kuma goshi a buɗe da 'yan silin gashi sun leƙo. A kamara ya yi kyau matuƙa. Ban kawo komai a raina ba.

Da sakamakon farko ya fito, idanu da hanci da baki nawa ne sak, har sai da na ji wani iri. Amma daga gira zuwa sama abin ya lalace. Bakin ɗankwalin, wanda a bidiyon asali yake da kaifi kamar an ja shi da biro, ya narke ya zama wani hazo-hazo. Furannin da ke kusa da goshi sun dusashe, na sama kuma suna nan garau, sai ka rantse yadi biyu aka haɗa. Mafi muni, launin fatata ya haura kan yadin da kusan faɗin yatsa biyu, ga kuma wata inuwar gira ta uku tana leƙowa a kan ƙyallen. Ƙanwata ta leƙo ta kafaɗata ta ce, "Yaya, ai goshinki ne ya hau kan ɗankwalina." Ta yi ta dariya, ni kuwa ina tuna kuɗin da na biya.

Sai da na huce na gane abin da ke faruwa, kuma sanin sa ya rage mini ɓata lokaci. Manhajar ba ta san ɗankwali ba. Maki biyar, wato ɗigo biyar, take nema a fuska: idanu biyu, tsinin hanci da kusurwoyin baki biyu. Da su take daidaita fuskar ta yanko murabba'i, ta musanya abin da ke ciki, ta mayar da shi wurinsa. Ko tsarin da ya fi wannan yawan maki, mai 68, a gira yake tsayawa, ba shi da maki ko ɗaya a goshi. Wato iyakar goshi ta sama zato kawai ake yi. Murabba'in nan kuwa duk abin da ya tarar yana haɗiyewa, fata ce ko yadi ko gashi. Sannan samfurin da ke musanyawar a faɗin fiksel 128 yake aiki. Fuskar ƙanwata a bidiyon ta kai kusan fiksel 400, to an matse ta ne aka sake buɗa ta fiye da ninki uku. Fata tana jure wannan, musamman idan an bi ta da abin gyara kaifin fuska, amma ƙananan furannin yadi ba sa dawowa. Shi ya sa na ga yadi biyu.

Maganin yana wurin shingen da ke cewa nan a musanya, nan a bar na asali. A allo sunansa `mask`, kuma manhajar tana zuwa ne da nau'in `box` a kunne, wato murabba'in nan mai laushin gefe. Abu na farko da na gwada shi ne rage shingen daga sama da `padding`. Na sa 20 a gefen sama, sauran ukun na bar su sifili. Gefen hagu ya gyaru, yadin ya dawo da kaifinsa. Sai dai layin da `padding` ke yankawa miƙaƙƙe ne, ɗaurin ƙanwata kuma a karkace yake. Da na sauko da layin har ya kuɓutar da hagu, a dama sai ya ratsa tsakiyar buɗaɗɗen goshi: ƙasa fatata, sama fatarta, ita kuwa ta ɗan fi ni haske. Ga wanda ya kafa hula daidai a kan goshi wannan dabarar ta isa. Ga ɗaurin da aka karkata, ɗinkin wani wuri ne da yagewar wani.

Daga nan na kunna `occlusion`, kuma gaskiya a nan manhajar ta ba ni mamaki. Wannan shingen yana duba kowane firem, wato kowane hoto ɗaya cikin jerin hotunan da ke haɗa bidiyo, ya ware abin da ya gitta gaban fuska. Na tsayar da bidiyon a inda take kallon kamara kai tsaye, na buɗa hoton ninki biyu, sai ga shingen ya bi bakin ɗankwalin a karkacensa, ya lanƙwasa inda ya lanƙwasa, girar nan ta uku ta ɓace. Furanni sun dawo har zuwa bakin yadi. A lokacin da a ce an ba ni taurari in raba, da biyar zan ba ta ba tare da tunani ba. Har na kira ƙanwata na ce ta zo ta janye dariyarta.

Murnar ta tsaya ne lokacin da na saki bidiyon ya yi tafiya. Daƙiƙa 40 a firem 30 kowace daƙiƙa firem 1200 ke nan, kuma kowanne shingensa daban ake zana masa, ba ya tuna na bayansa. Muddin tana tsaye cak, lafiya lau. Da ta juya kai wajen taga a daƙiƙa ta 12, haske ya faɗa kan yadin, ruwan ƙasar nan ya zo daidai da launin fata, sai shingen ya rikice. A wannan firem ya ce yadi ne, a na gaba ya ce goshi ne. A ido abin da ake gani shi ne bakin ɗankwali yana rawa, yana hawa yana sauka kamar numfashi. Idan ka tsayar da kowane firem shi kaɗai ba za ka ga aibu sosai ba, sai a gudun bidiyo na ainihi rawar ke fitowa. Wannan ya ƙona mini rai, domin hoton gwajin da manhajar ke nunawa firem ɗaya ne tak, kuma a kansa mutum ke yanke hukuncin jiran fitar da bidiyo gaba ɗaya. Sau huɗu ina jira ina tarar da rawar.

Na gwada na ukun, `region`, wanda ke rarraba fuska kashi-kashi: fata, gira, ido, hanci, leɓe. Irin waɗannan masu rarrabawar galibi a kan tarin hotunan CelebAMask-HQ aka horar da su, hotuna 30,000 masu rukuni 19, ciki har da gashi da hula. A fahimtata, ɗauri irin namu wani lokaci yana faɗawa rukunin hula, wani lokaci na gashi, kuma duk biyun ba matsala tunda dai an fitar da shi daga fata. Matsalar ita ce lokacin da ya faɗa cikin fatar kanta, wanda yadi mai ruwan ƙasa ke jawowa. Haɗa `occlusion` da `region` tare ya rage rawar sosai, domin wurin da duka biyun suka yarda fuska ce kaɗai ake musanyawa. Na kuma rage `blur` daga 0.3 zuwa 0.15, saboda laushin gefen ma yana shafa launin fata a kan yadi. Da na sauke shi ƙasa da haka, sai haɓa da kumatu suka fito da layi kamar an manna takarda. Maɓalli ɗaya ne ke juya gefuna huɗun, ba a ba ka damar ka ƙaifafa sama ka bar ƙasa da laushi. Wannan rashin har yanzu ina jin haushinsa.

Silin gashin da suka leƙo a dama kuwa ban ci nasara a kansu ba sam. Sun fi shingen siranta. Ko dai ya share su goshi ya fito sumul kamar an goge, ko ya bar su tare da ɗan zoben fatar ƙanwata kewaye da kowane sili. Gashi mai kauri da ya sauko a dunƙule yana fita lafiya, na gani a wani gwajin. Siraran ne ba su da mai ceto.

Don in tabbatar, na sa ƙanena ya ɗauki daƙiƙa goma da hula mai baki, na ɗora masa fuskar wanmu, shi ma da saninsa. Bakin hular ya fita tsaf tunda baƙa ce wuluk. Abin da ya tona asiri inuwar hular ce: a kan goshin asali tana da duhu da iyaka a fili, a sabuwar fuskar kuma ta yi sanyi, sai idanun suka yi haske fiye da yadda ya kamata a ƙarƙashin hula. Da ya sunkuyar da kai bakin hular ya rufe ido ɗaya, maki biyar ɗin nan suka kauce, fuskar gaba ɗaya ta yi tsalle na firem uku ko huɗu.

Wani abu da na ɓata rabin yini a kansa a banza: na yi ta canja hotona da nake ba manhajar, ina zaton idan na sa wanda nake da ɗankwali zai fi dacewa. Ba ruwanta da ɗankwalina. Kamannin fuska kawai take tsamowa daga hoton, gashi da hula da ɗauri duk na wanda ke cikin bidiyon ne suke zama. Hasali ma hoton da girata take a buɗe duka biyu shi ya fi fitar da gira mai kama da tawa.

A rana ta uku na haƙura. Na ce wa ƙanwata ta sake shiri, ta ɗaura shuɗin ɗankwali marar zane, ta ja shi sama da gira da faɗin yatsa biyu, ta tura silin gashin ciki, muka matsa daga tagar. Ta yi ƙunƙuni, "Yaya, wannan ɗaurin ai na tsofaffi ne," amma ta yi. Ɗaukar ba ta kai minti goma sha biyar ba. Da saiti iri ɗaya da na jiya, `occlusion` da `region` da `blur` a 0.15, bidiyon ya fita a karon farko, in ban da firem shida a wurin juyawa da na rufe da hannu a manhajar tace bidiyo ta hanyar dawo da yadin asali a kai.

Taurari uku na ba ta. Da farko huɗu na danna, sai na tuna jira huɗun nan da hoton gwaji mai firem ɗaya ya jawo mini, na koma na cire ɗaya. Bidiyon farko mai ɗankwalin ruwan ƙasa, wanda ya fi kyau nesa ba kusa ba, yana nan a ajiye ban iya amfani da shi ba.