Kwantirola Ta Ce Batir Ya Cika, Amma Dare Na Yi Wuta Ta Ɗauke: Me Za Ka Saya Tukuna?

Wanda wannan matsala ta sama yakan tsaya tsakanin abubuwa uku: ya sayi sababbin batura, ya ƙara farantan sola, ko ya canza kwantirola. Dukansu kuɗi ne mai nauyi, kuma sau da yawa biyu daga cikinsu ba za su gyara komai ba. A ganina abin da ya kamata a fara saya shi ne ma'auni, domin shi zai nuna wanne cikin ukun ne maganin. Amma ma'aunin ma iri-iri ne, kuma ba kowanne ke amsa tambayar da kake yi ba.

Sai an fara gane abu ɗaya. Yawancin kwantirola ba sa ƙirga wutar da ke cikin batir. Abin da suke gani kawai shi ne ƙarfin wutar, wato bolt, a bakin wayoyinsu. Idan batirin dalma na 12V ya kai wajen 14.4V, ko 28.8V a tsarin 24V, sai kwantirola ta riƙe shi a nan na wani lokaci, sannan ta sauka zuwa FLOAT, wato ta rage bolt don kawai ta riƙe cajin, ta zana maka hoton batir cike. Hoton nan yana nufin bolt ya kai inda aka saita. Bai ce komai ba game da yawan abin da batirin ya ɗauka.

Ka ɗauki tankin ruwa da laka ta cinye kashi uku cikin huɗu na cikinsa. Da ka buɗe famfo, nan da nan ruwa ya kai baki, wanda ya leƙa ta sama zai rantse ya cika. Ya cika kuwa, sai dai ɗan abin da ya rage ne ya cika. Haka batirin dalma yake idan ya daɗe ba ya samun cikakken caji: salfet yana daskarewa a kan farantan da ke cikinsa, wurin ajiyar wuta ya ragu, kuma bolt ɗinsa ya riƙa tashi da sauri da zarar caji ya taɓa shi. Shi ya sa alamar farko ba da dare ake ganinta ba. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, haka wadda ba za ta yi ba. Batirin da ya mutu murus da dare, amma kafin ƙarfe goma na safe kwantirola ta ce ya cika, ya riga ya tona asirin kansa. Wutar da ta fita ita ce za ta koma. Ana auna yawan wutar batir da Ah, wato amfiyar da ke gudana sau awoyin da ta yi tana gudana: idan Ah 100 suka fita, faranti kuma suna ba da amfiya 20, ana bukatar fiye da awa biyar, ba awa ɗaya da rabi ba.

To, ga ma'aunan da ake da su.

Maltimita ita ce mafi sauƙi, kuma babu mai sola da ya kamata ya rasa ta. Da ita za ka auna kowane batir shi kaɗai, abin da kwantirola ba ta iyawa, domin ita jimilla take gani. Da ita kuma za ka kama asarar da ake yi a waya: da tsakar rana, lokacin da caji ke shiga da ƙarfi, ka auna a bakin kwantirola, sannan ka auna a kan batirin kansa. Idan can 28.8V ne nan kuma 27.9V, to waya ta yi siriri, ko ta yi tsawo, ko wata ƙusa ta saki ko ta yi tsatsa, kuma kwantirola tana rage caji tun batir bai ƙoshi ba. Iyakar maltimita a wannan aiki ita ce bolt kawai take gaya maka, bolt kuwa yana yaudara idan an auna shi daf da gama caji. Sai batir ya huta na wasu awoyi, babu caji babu lodi, kafin lambar ta yi ma'ana: wajen 12.7V cikakke ne, wajen 12.2V rabi ne. Ko a nan ma, rabin me? Batirin da ya tsufa zai iya nuna 12.7V alhali ɗan abin da yake riƙewa bai taka kara ya karya ba.

Mita mai baki, wadda ake maƙala wa waya ba tare da an yanke ta ba, ita ke nuna amfiya nawa ke fita ko shiga a daidai lokacin. A nan ne masu saye suka fi faɗawa rami. Da yawa daga cikin masu araha wutar AC kaɗai suke aunawa ta bakin, ko da an rubuta DC a jikinsu, domin DC ɗin na bolt ne. Ka duba cewa akwai DC a ɓangaren amfiya, da maɓallin ZERO ko REL da ake dannawa kafin a auna. Idan babu, ba ta da amfani a wayar batir, domin wutar batir DC ce.

Haidiromita, ma'aunin kaurin ruwan batir, ba ta da tsada kuma ba ta ƙarya, amma sai ga batir mai murfi da ake zuba wa ruwa. Ba ta aiki a rufaffun batura irin su GEL, AGM ko litiyam. Batirin 12V yana da sel shida, wato ɗakuna shida a cikinsa, kuma ita ke ba ka damar leƙa kowanne. Cikakken sel yakan nuna wajen 1.265 zuwa 1.280, gwargwadon kamfani. Idan kwantirola na cewa ya cika amma duka shidan suna wajen 1.200, caji ne bai isa ba ko salfet ya yi yawa. Idan biyar suna sama ɗaya yana ƙasa da tazarar 0.050 ko fiye, wannan sel ɗin ne mara lafiya. Ruwan nan asid ne, a sa tabarau.

Sai mita mai shant, wato ɗan ƙarfen da wuta ke bi ta cikinsa a auna ta, wadda ake ɗaurawa dindindin a kan wayar nagatif ta batura, ta riƙa ƙirga duk Ah da ya shiga da wanda ya fita. Ita ta fi tsada a cikinsu, ita kuma ta fi amsa ainihin tambayar. Sharaɗinta shi ne duk wata waya, ta inbata da ta kwantirola, ta bi ta cikinta. Wayar da aka ɗaura kai tsaye a kan batir ba za ta shiga lissafi ba. Kuma kada ka dogara da kashi cikin ɗari da take nunawa, domin da girman batirin da ka rubuta mata take lissafi. Idan ka ce mata 200Ah alhali batirin ya koma 60Ah, ita ma za ta yi maka ƙarya. Lambar Ah da suka fita ita ce abin dubawa.

Na'urar gwada batirin mota, wadda ke jan wuta mai yawa na daƙiƙa goma, ban ba da shawarar a saye ta don wannan aiki ba. Tana gwada ƙarfin tayar da inji ne, ba juriyar dare ba.

Mu gwada da misali. Batura biyu na 12V 200Ah an jera su sun zama 24V 200Ah. Lodin dare, fanka da fitilu da talabijin, haɗe da abin da inbata ke ci don kanta, yana jan amfiya 10 daga batir. Amfiya 10 daidai yake da yadda ake gwada 200Ah a awa 20, don haka lafiyayyen batir zai yi awa goma kafin ya kai rabi. Amma an kunna ƙarfe bakwai, kafin goma inbata ta fara kuka ta mutu. Ah 30 kacal aka samu.

Da faɗuwar rana, ka maƙala mita mai baki a wayar batir. Idan ka ga amfiya 25 maimakon 10 da kake zato, to lissafin lodi ne ya kuskure: firji, ko famfon ruwa, ko wani abu da aka manta a kunne. Ka kashe komai ka bar inbata kaɗai, ka ga abin da take ci. Babbar inbata takan ci amfiya ɗaya ko biyu ba tare da tana yin komai ba, kuma dare guda wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Idan amfiya 10 ne da gaske, sai ka riƙa auna kowane batir duk bayan rabin awa, lodi yana kunne. Kada ka kashe lodin, domin batir mara lafiya yakan farfaɗo da bolt ɗinsa da zarar an sauke masa nauyi. Idan wajen ƙarfe tara da rabi ɗaya yana 12.2V ɗayan ya faɗo 10.1V, an kama ɓarawo: tazarar kusan bolt biyu sel ɗaya ne da ya mutu. Irin waɗannan batura da rana ma sukan bambanta, ɗaya ya haura 15V ɗayan yana ƙasa da 14V, jimilla ta ba da 28.8V, kwantirola ta yi zaton lafiya lau. Maganinsa batir ne, ba faranti ba. Idan baturan sun yi shekaru, a canza su tare, domin tsoho yakan ja sabo ƙasa.

Idan kuwa tare suke sauka, akwai sauran tambaya kafin a kashe kuɗi: sun tsufa ne, ko yunwa ce? Ka duba saitin kwantirola, irin batirin da aka zaɓa da tsawon lokacin ABSORB, wato lokacin da take riƙe batir a 28.8V kafin ta sauka zuwa FLOAT. Ka gyara waya idan akwai asara. Sannan ka kashe lodi na kwana biyu masu rana sosai. Batir na 200Ah ya ƙoshi da gaske ne idan yana 28.8V kuma cajin da yake karɓa ya sauka zuwa amfiya biyu zuwa huɗu. Sai ka maimaita gwajin dare. Idan yanzu ya yi awa takwas ko tara, batura na da rai, caji ne ya gaza, kuma a nan ne ƙarin faranti ko kwantirola da ake iya saita ta yake da ma'ana. Idan har yanzu awa uku ne, babu farantin da zai dawo da su. Mai batir mai murfi zai iya gwada EQUALIZE, wato caji da bolt sama da na kullum don daidaita sel, bisa umarnin kamfani, wani lokaci yakan dawo da wani abu. GEL kuwa kada a yi masa.

Litiyam na LiFePO4 nasa salon daban ne. Bolt ɗinsa kusan a tsaye yake, wajen 13.2V zuwa 13.3V ga batirin 12V a mafi yawan tafiyarsa, don haka hoton kwantirola ba shi da wani amfani a kansa. Idan sel ɗaya ya riga 'yan uwansa kai 3.65V, BMS, wato na'urar da ke kare sel ɗin batirin, zai yanke caji, kwantirola ta ga bolt ya yi tsalle ta ce ya cika, alhali sauran sel ba su cika ba. Mai irin wannan batir ya nemi wanda BMS ɗinsa ke nuna bolt na kowane sel a wayar salula ko a allo, ya haɗa da shant.

Ga mai batura biyu ko huɗu na dalma, ni dai zan sayi mita mai baki ta DC, domin yawancinsu suna auna bolt ma, sun haɗa aikin maltimita. In batirin mai murfi ne, in ƙara haidiromita. Shant kuma in ɗaura shi ranar da aka sa sababbin batura, in rubuta Ah nawa suke bayarwa a makon farko, don in sami abin kwatantawa bayan shekara.